Daga Rahoto Zuwa Kanun Labari: Inda Lamba, Kwanan Wata da Suna Suke Salwanta

Sau da yawa akan ji mutum biyu suna gardama a kan adadi ɗaya, kowa yana rantsuwa cewa a takarda ya gani. Wannan ya ce Jihar Kano ta fi Legas yawan jama'a a ƙidayar 2006, wancan ya ce a'a, kunnen doki suka yi, kowacce miliyan tara. Abin mamaki shi ne, mai yiwuwa babu maƙaryaci a cikinsu. Ɗaya ya karanta cikakken bayani ne, ɗaya kuma ya karanta abin da ya rage bayan an taƙaita bayanin sau uku ko huɗu.

Idan aka ga irin wannan saɓani, jama'a sukan ɗora laifi a kan son zuciya ko ƙarya da gangan. Ana samun hakan, amma akwai wata hanya da ta fi yawa, wadda ba ta bukatar mugun nufi: rubutu ya bi ta hannu da yawa, kowane hannu ya rage wani abu kaɗan da yake ganin ba shi da muhimmanci. Wannan sharhi zai duba yadda hakan ke faruwa, abin da ya fi saurin lalacewa, da yadda masu sana'ar rubutu na da da na yanzu suke tsare shi.

Ma'anar wasu kalmomi

Taƙaitawa ita ce rage tsawon rubutu tare da riƙe ma'anarsa. Malaman zaure suna kiran littafin da aka yi wa haka muktasari, kalmar Larabci da ke nufin abin da aka gajarta. Asali shi ne rubutun farko da aka ɗauko komai daga cikinsa, kamar rahoton hukuma, ko hukuncin kotu, ko littafin tarihi. Taƙaitawa a jere kuwa ita ce idan aka taƙaita abin da aka riga aka taƙaita, mai yin na uku bai ga asali ba, na biyu kawai ya gani.

Dunƙule adadi shi ne mayar da lamba mai tsawo zuwa wadda ta fi sauƙin faɗi, kamar a ce dubu biyar maimakon 4,987. Ma'auni shi ne abin da lambar take ƙirgawa: mutum ne, ko gida, ko buhu, ko naira. Togaciya kuma ita ce ƙananan kalmomin da ke iyakance magana, irin su kimanin, aƙalla, fiye da, a cewar wane, ya zuwa ranar kaza. Edita, kalmar da aka aro daga Ingilishi, shi ne mai tace rubutu kafin ya fita, kuma a gidajen jarida da na rediyo yawanci shi ke riƙe da almakashi.

Inda ɓarnar take shiga

Mutane da yawa suna zaton babban haɗari shi ne a kwafi lamba ba daidai ba, a rubuta 38 a wurin 83. Wannan yana faruwa, amma yana da sauƙin kamawa, domin da zarar an jera rubutun biyu za a gan shi. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne wanda lambar take nan daram, amma an kwashe kalmomin da ke kewaye da ita.

Dalilin haka a fili yake. Edita da aka ce ya mayar da kalma ɗari huɗu zuwa ɗari ba zai taɓa lamba ko suna ba, domin su ne suke kama ido. Abin da zai fara zubarwa shi ne kalmomin da suke kama da ciko: kimanin, jihar, na wucin gadi, a shekarar. Amma waɗannan su ne suke faɗa wa mai karatu abin da lambar take nufi. A zagaye na farko, wanda ya rage su ya san abin da ya rage, don ya ga asali. A zagaye na biyu, wanda ya karɓa bai san an rage komai ba. Idan ya ji jimlar ta yi gurguwa, sai ya cike giɓin da abin da yake zato, kuma daga nan ne ragi yake komawa ƙari.

Misali dalla-dalla: ƙidayar 2006

An yi ƙidayar jama'a da gidaje a Nijeriya a watan Maris na 2006. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar da sakamako sau biyu. Na wucin gadi, wanda ya fito a farkon 2007, ya ba ƙasar mutum 140,003,542, Jihar Kano 9,383,682, Jihar Legas 9,013,534. Na ƙarshe, wanda aka buga a jaridar gwamnati a 2009, ya ba ƙasar 140,431,790, Kano 9,401,288, Legas 9,113,605. Gwamnatin Legas ba ta yarda da adadinta ba, ta ce nata lissafin ya nuna mutum sama da miliyan 17.

Wannan shi ne asali. A ɗauka cewa ya bi ta hannu huɗu, kamar yadda labari yake bi a kullum.

Mai rubuta wa jarida ya ce: sakamakon ƙarshe na ƙidayar 2006 ya ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, Jihar Legas miliyan 9.1, amma Legas ta ƙi amincewa. Wannan taƙaitawa ce mai kyau. An dunƙule lambobin, amma shekara tana nan, kalmar jiha tana nan, an faɗi wane sakamako ne, an ambaci ƙorafin.

Mai haɗa labaran rediyo ya ɗauki wannan, yana da daƙiƙa goma kacal. Ya ce: ƙidayar 2006 ta nuna Kano da Legas kowacce na da mutum sama da miliyan tara. Babu ƙarya a jimlarsa. Sai dai abu uku sun faɗi: kalmar jiha, ƙorafin Legas, da tazarar da ke tsakanin jihohin biyu, wadda ta kai mutum 287,683, wato fiye da yawan mutanen ƙananan hukumomi da dama.

Mai rubuta kanu ya ɗauko daga na rediyo: Kano da Legas, miliyan tara kowacce. Yanzu shekara ta tafi, sama da ta tafi. Abin da yake ƙidayar wata shekara ya zama magana ta yau, kuma abin da yake kusa ya zama daidai wa daida.

Na huɗu ya tura wa abokansa a waya. Ya ga an ce Kano da Legas, ya ɗauka birane ake nufi, sai ya rubuta: birnin Kano yana da mutum miliyan tara, daidai da Legas. A nan an ƙara kalmar da babu ita a asali. Adadin na jiha ne mai ƙananan hukumomi 44, har da su Doguwa da Tudun Wada da ke nesa da birni.

Idan aka jera jimla ta huɗu da asali, za a ga kuskure huɗu: wuri ya canza, lokaci ya ɓace, tazara ta gushe, takaddama ta koma tabbas. Amma idan aka jera kowace jimla da wadda ta gabace ta kawai, kowane mataki zai yi kama da ragi mai ma'ana. Shi ya sa duba taƙaitawa da taƙaitawar da ta haife ta ba ya kama komai.

Akwai wani tarko kuma a wannan misali. Tun da sakamako biyu ne suke yawo, marubuci zai iya ɗaukar adadin Kano na ƙarshe ya haɗa da na Legas na wucin gadi. Tazarar sai ta zama 387,754, lambar da babu ita a kowane sakamako. Haka nan wanda ya ɗebe 9.1 daga 9.4 zai sami dubu 300, ya faɗe ta kamar daga hukuma ta fito. Lissafi daga lambar da aka dunƙule yana haifar da sabuwar lamba marar uwa.

Dunƙulewa a kan dunƙulewa ma tana da nata sharri. A ɗauki 2,449. Na farko ya mayar da ita 2,450, na biyu ya ce 2,500, na uku ya ce kimanin dubu uku. Kowa ya bi ƙa'ida a matakinsa, amma da an dunƙule kai tsaye daga asali, dubu biyu za a samu, ba uku ba.

Tarkon da ke cikin ƙirgen Hausa

Wasu matsalolin na masu rubutu da Hausa ne su kaɗai. Idan aka ce dubu ɗari biyu da hamsin, mai sauraro zai iya fahimtar 250,000, zai kuma iya fahimtar 200,050. Cikakkiyar magana takan warware wannan da maimaita kalma, a ce dubu ɗari biyu da dubu hamsin. Amma mai neman gajarta jimla yana ganin dubu ta biyu maimaici ce, sai ya share ta. Mafita a rubuce ita ce a bar adadin da alƙaluma, a magana kuma a maimaita dubun.

Ma'aunin kuɗi ma haka. A kasuwannin Nijar ana ƙirga sefa da dala, kowace dala tana daidai da sefa biyar, don haka ɗari a bakin ɗan kasuwar Maraɗi sefa 500 ce, jaka kuma sefa 1,000. A Kano kuwa jaka a tsohon lissafi naira 200 ce, gadon zamanin da jaka take nufin fam ɗari. Rahoton farashi da ya tsallaka iyaka, aka cire masa sunan kasuwa da na kuɗi, zai iya ninka adadi sau biyar ba tare da an taɓa lamba ko ɗaya ba.

Sai manyan lambobi. Biliyan a amfanin Nijeriya miliyan dubu ce. A Faransanci, wanda ake rubuta takardun hukuma da yawa da shi a Nijar da Cadi da Kamaru, miliyan dubu sunanta miliyar, kalmar da ta yi kama da biliyan kuwa tana nufin tiriliyan, wato miliyan sau miliyan. Faransanci kuma yana sa waƙafi inda Ingilishi yake sa ɗigo, don haka 9,4 a takardar Yamai daidai take da 9.4 a takardar Abuja. Mai fassara da yake aiki daga taƙaitawa ba shi da sauran lambobin rahoton da za su nuna masa wane tsari aka bi.

Kwanan wata: kalanda biyu da shekarun lissafi

Tarihin ƙasar Hausa an rubuta yawancinsa da shekarar Hijira, ana karantar da shi a makarantun boko da ta Miladiyya. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, saboda haka kusan kowace shekarar Hijira tana ratsa shekaru biyu na Miladiyya. Ana iya kusantar juyin da wannan lissafi: a ninka shekarar Hijira da 0.97, a ƙara 622. Amma amsar kusantarwa ce kawai, sai an san wata kafin a tabbatar da shekara.

Rayuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta nuna yadda abin yake. Masana tarihi sun sanya haihuwarsa a ƙarshen watan Safar na 1168, wanda ya yi daidai da 15 ga Disamba 1754, rasuwarsa kuma a Jimada Sani na 1232, wato 20 ga Afrilu 1817. Shekarar 1168 ta fara a Oktoba 1754, ta ƙare a Oktoba 1755. Idan taƙaitawa ta farko ta jefar da watan, ta bar 1168 kawai, wanda zai juya ta daga baya zai iya rubuta 1755, domin mafi yawan watannin shekarar a can suka faɗa.

Shekarunsa a duniya ma sukan fito kala uku. Da lissafin wata ya cika 64. Da lissafin rana ya cika 62 da wata huɗu. Wanda kuma ya ɗebe 1754 daga 1817 zai sami 63. Duk ukun daga ranaku biyu guda suka fito, bambancin kawai shi ne abin da mai lissafi ya tarar an bar masa.

Wani nau'in kuma shi ne haɗe abubuwa da yawa a shekara ɗaya. Hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu ta auku a Fabrairu 1804, yaƙin Tabkin Kwatto a Yuni na shekarar, faɗuwar Alkalawa a 1808, ginin Sakkwato a 1809. Taƙaitawar da ta ce jihadi ya fara a 1804 daidai ce. Wadda ta biyo ta, ta ce an kafa Daular Sakkwato a 1804, tana da hujjarta idan ana nufin mubaya'ar da aka yi wa Shehu a Gudu. Amma ta uku, da ta ce an kafa Sakkwato a 1804, ta matsar da ginin gari shekara biyar baya, saboda kalma ɗaya da ta faɗi.

Akwai kuma shekarun da tun farko lissafi ne, ba shaida ba. Littafin Tarihin Kano na Larabci yana ba da tsawon mulkin kowane sarki ne. Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer, wanda ya buga fassararsa da Ingilishi a 1908, shi ya tara waɗannan shekaru yana komawa baya, har ya sanya farkon mulkin Bagauda a 999. Duk kuskuren da ke cikin tsawon mulkin sarki ɗaya yana shafar dukkan na gabansa. Idan littafin makaranta ya ce kimanin 999 bisa lissafin Palmer, ya faɗi gaskiya. Idan takardar tambayoyin jarrabawa ta bar 999 tsirara, ɗalibi zai ɗauka wani ne ya rubuta ranar a lokacin da abin ya faru.

Suna: abin da ake yankewa da wanda yake saura

Salon rubutun Turawa yana ambaton cikakken suna sau ɗaya, daga nan sai sunan iyali kaɗai. Wannan bai dace da sunayen Hausa ba, domin sunan ƙarshe yawanci na uba ne, ko na gari, ko laƙabi. Idan aka yanke sakin layi na farko, inda cikakken sunan yake, abin da ya rage ba ya nuna mutum ɗaya.

Sunan Bayero a Kano ya isa misali. Abdullahi Bayero ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, ɗansa Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014, jikansa Aminu Ado Bayero ya hau a 2020. Jami'ar Bayero sunan Abdullahi take ɗauke da shi, tun tana Kwalejin Abdullahi Bayero. Da sunan makarantar ya gajarta, mutane da yawa da suka tashi a zamanin Ado sun ɗauka shi ake nufi. Haka Sarki Sanusi: akwai na ɗaya da ya yi mulki daga 1953 zuwa 1963, akwai na biyu, jikansa, da ya hau a 2014. Lambar da ke bin sunan ita ce ta farko da almakashi yake ci.

Sarauta ma ba suna ba ce, domin tana tashi daga wani zuwa wani. Waziri ko Galadima ba tare da gari da zamani ba yana iya zama mutum goma.

A sunayen wurare, Hausa ta bambanta ƙasar Nijar da Jihar Neja, amma a Ingilishi harufansu ɗaya ne. Idan taƙaitawar Ingilishi ta zubar da kalmar jiha kafin labarin ya iso teburin mai fassara, abin da ya faru a Minna ko Kontagora zai iya bayyana a Hausa kamar a wata ƙasa ya faru.

Yadda magabata suka ɓullo wa matsalar

Malaman hadisi sun fuskanci wannan matsala tun ƙarnoni da suka wuce, domin iliminsu gaba ɗaya a kan sunayen mutane da shekarun rasuwarsu ya ginu. Al-Mizzi, wanda ya rasu a 742 bayan Hijira, ya rubuta Tahzibul Kamal a kan masu ruwayar manyan littattafan hadisi shida, littafin da bugunsa na zamani ya kai juzu'i 35. Ibn Hajar Al-Askalani, wanda ya rasu a 852, ya taƙaita shi zuwa Tahzibut Tahzib, sannan ya sake taƙaita wannan zuwa Taƙribut Tahzib, inda yawancin masu ruwaya suke samun layi ɗaya ko biyu.

Abin lura shi ne yadda ya yi da shekaru. Don ya rage tsawo, yakan cire ɗaruruwa daga shekarar rasuwa, ya bar goma-goma da ɗai-ɗai. Amma tun a gabatarwa ya ba da mabuɗi. Ya kasa masu ruwaya ɗabaƙa goma sha biyu, wato tsara-tsara. 'Yan ɗabaƙa ta ɗaya da ta biyu sun rasu kafin shekara ta 100, daga ta uku zuwa ta takwas bayan 100, daga ta tara zuwa ƙarshe bayan 200, kuma ya yi alkawarin bayyana wanda ya fita daga wannan tsari. Don haka idan ya sa Imam Malik a ɗabaƙa ta bakwai, ya ce ya rasu a shekara ta 79, mai karatu ya san 179 ake nufi. Bukhari yana ta goma sha ɗaya, 56 tasa kuma 256 ce.

Wannan dabara tana da iyaka. Duk wanda ya ciro layin Malik ya bar gabatarwar a baya zai iya cewa ya rasu a 79. Mabuɗi yana amfani ne idan yana tafiya tare da abin da aka gajarta.

A kan sunaye kuma, Ibn Hajar yakan kashe kalmomi wajen bayyana wasalin suna da ɗigon harufansa, duk da cewa gajartawa yake yi, saboda suna ba a gane shi da hankali ko da nahawu. Marubutan Larabci sun san cewa kalmomin bakwai da tara suna kama da juna idan ɗigo ya goge, shi ya sa wasunsu suke fayyace harafin da kalmar ta fara da shi.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu aikin rediyo da masu rubuta kanu suna da hujja mai ƙarfi. Kunne ba ya riƙe lamba mai alƙaluma bakwai, kuma wanda aka karanta wa 9,401,288 yana tuƙi ba zai tuna komai ba. A ganinsu, adadin da aka dunƙule aka fahimta ya fi cikakken da ya wuce ta bayan kunne.

Lauyoyi, masu binciken kuɗi da masana tarihi suna ɗaya ɓangaren. Su a wurinsu lamba shaida ce, kuma taƙaitawa takan rayu fiye da asalinta: rahoton yana kwance a ma'ajiya, jimlar da aka ciro daga cikinsa ce take yawo shekara da shekaru. Akwai ma masu ƙyamar yawan taƙaitawa ɗungurungum. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406 Miladiyya, ya ware babi a Muƙaddimarsa yana bayanin cewa yawan muktasarai yana cutar da koyo, domin ɗalibi yana ɓata lokaci wajen warware dunƙulallun kalmomi.

Ra'ayi na tsakiya ma daga malaman hadisi ya fito. Mafi yawansu sun halatta taƙaita hadisi, amma ga masani kawai, kuma da sharaɗin kada abin da aka cire ya kasance yana da alaƙa da abin da aka bari, kamar a cire togaciya a bar hukunci. Idan aka ɗora wannan sharaɗi a kan misalin ƙidaya, dunƙule 9,401,288 zuwa miliyan 9.4 ya halatta, cire kalmar jiha ko shekarar 2006 bai halatta ba.

Matakan kiyayewa

Mataki na farko ana yin sa ne kafin a yanke kalma ko ɗaya. A ciro kowace lamba, kwanan wata da suna daga asali, a jera su a takarda dabam, kowanne da rakiyarsa. Lamba tana tafiya da ma'auninta, wurinta, lokacinta, togaciyarta da wanda ya faɗe ta. Kwanan wata yana tafiya da kalandarsa da ainihin abin da ya faru a ranar. Suna yana tafiya da abin da ya raba shi da mai kama da shi. Wannan takarda ita ce za ta bi rubutun daga tebur zuwa tebur.

Na biyu, kowace sabuwar taƙaitawa a yi ta daga asali, ko aƙalla a gwada ta da shi. Dunƙulewa sau ɗaya ake yi, daga cikakkiyar lamba, kuma duk wani lissafi na ɗebewa ko kashi cikin ɗari a yi shi da cikakkun lambobi kafin a dunƙule amsar.

Na uku, idan wuri ya ƙare, a rage yawan bayanai, kada a rage gaɓoɓinsu. Kanun da ya ce ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano miliyan 9.4 ya bar Legas gaba ɗaya, amma abin da ya faɗa cikakke ne. Ya fi wanda ya cusa jihohin biyu ya zubar da shekara.

Na huɗu, a yi karatun gwaji da mutum biyu: ɗaya yana karanta taƙaitawa da ƙarfi, ɗaya yana bin asali da yatsa, ana tsayawa a kan kowace lamba da suna.

Mai karatu ma yana da alamomin da zai gane rubutun da ya sha hannu. Lamba mai sifili da yawa ba tare da kimanin ba, adadi marar shekara, suna guda ɗaya a inda aka san masu shi da yawa, kashi cikin ɗari da ba a faɗi na mene ne ba, da kalmar jiya ko bana a rubutun da ba a san ranar da aka yi shi ba, duk suna nuna cewa wani abu ya faɗi a hanya.

Abin da ka iya biyo baya

Illar ba ta tsaya ga gardamar majalisa ba. Adadin jama'a yana cikin abubuwan da ake dubawa wajen rabon kuɗin tarayya da tsara mazaɓu a Nijeriya, don haka muhawarar da aka gina a kan lambar da ta rasa shekararta muhawara ce a kan abin da babu shi. A makaranta, ɗalibin da littafinsa ya ce 1754 da wanda nasa ya ce 1755 za su shiga jarrabawa ɗaya, mai duba takarda kuma amsa ɗaya ce a hannunsa.

Abin da ya fi wuyar gyara shi ne kuskuren da ya zagayo. Jimla ta huɗu a misalin ƙidaya za ta iya shiga jawabin wani jami'i, jarida ta ruwaito jawabin, ɗalibi ya kafa hujja da jaridar a kundin digirinsa. Mai bincike na gaba zai tarar da wurare uku sun faɗi magana ɗaya, ya ɗauka shaidu uku ne, alhali duk daga saƙon waya guda suka fito. Hanyar warware wannan ita ce bin kowace ruwaya baya har a kai ga takardar farko, wadda a wannan misali ita ce jaridar gwamnati ta 2009, inda aka rubuta 9,401,288 a gaban sunan Jihar Kano.